Yadda Ake Fitar da Taken Furojek Daga Sashe Guda: Izinin Gwamna a Cinikin Gida da Fili

Duk shekara idan aka shiga semista ta ƙarshe, sai ka ga ɗaliban shari'a suna ta zarya ofishin sufabaiza da takarda a hannu, kowa da take uku da yake so a zaɓar masa ɗaya. Idan ka leƙa takardun za ka tarar da yawansu 'yan gida ɗaya ne: "Nazari a kan Dokar Amfani da Ƙasa", "Matsalolin haya a Najeriya", "Kare haƙƙin mai saye". Waɗannan ai ba take ba ne, sunayen kwasa-kwasai ne. Malam zai ja jar biro ya ce a je a rage, ɗalibi ya fito yana ƙunƙuni, domin an ce ya rage amma ba a nuna masa ta ina ake ragewa ba.

Abin da nake so mu yi a nan shi ne mu ɗauki sashe guda na doka guda, mu karanta shi a tsanake, mu bi shi kotu mu ga yadda alƙalai suka yi da shi. Daga nan take zai fito da kansa. Na zaɓi sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ne saboda ya shafi kowa. Ko kai ɗan injiniyarin ne ko ɗan akanta, wata rana ko dai ka sayi fili, ko ka ci gadon gida, ko ka kai takardar gida banki.

Dokar da muke magana a kanta

Sunanta a laburare da intanet Land Use Act. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta kafa ta, ta fara aiki ranar 29 ga Maris, 1978. Sashenta na 1 ya ɗauki duk ƙasar da ke cikin jiha ya damƙa wa gwamna a matsayin amana, ya riƙe ta domin amfanin 'yan Najeriya. Ke nan a idon doka abin da mutum yake riƙe da shi ba ƙasar kanta ba ce, haƙƙin zama da amfani da ita ne. Haƙƙin iri biyu ne: wanda gwamna yake bayarwa a ƙarƙashin sashe na 5, shi ne ake ba wa satifiket ɗin da muke kira si-of-o, da kuma na gargajiya wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a ƙarƙashin sashe na 6 a wuraren da ba birni ba.

A Kudu dokar ta zo wa mutane a ba-zata. Mu a Arewa kuwa ba baƙuwa ba ce, domin an gina ta ne a kan dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Turawan mulki ta 1910. Sashe na 315(5) na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba ta kariya, ba a iya gyara ta sai an bi irin hanyar da ake bi wajen gyara tsarin mulki. Shi ya sa aka daɗe ana kuka da ita amma tana nan daram.

To, me sashe na 22 ya ce? A taƙaice da Hausa: bai halatta ba ga wanda yake riƙe da haƙƙin da gwamna ya ba shi ya fitar da haƙƙin daga hannunsa, ko wani yanki nasa, ta hanyar sayarwa, ko jingina, ko miƙa wurin ga wani, ko ba da shi haya ta dogon zango, ko ta kowace hanya, ba tare da ya fara neman izinin gwamna ya kuma samu ba. Sai sashe na 26 ya zo da bulala: duk ciniki ko takardar da ta ba wani haƙƙi a kan ƙasa ba bisa tanadin dokar ba, ɓatacciya ce, kamar ba a yi ba.

Ku je ku karanta shi da Turancinsa, kada ku dogara da fassarata. Jimla ɗaya ce, amma akwai gaɓoɓi a cikinta da kowace sai da ta kai mutane Kotun Ƙoli.

Wanda gwamna bai taɓa ba komai ba fa?

Gaɓar farko ita ce "haƙƙin da gwamna ya ba shi". Akwai mutane da yawa da suka mallaki gidajensu tun kafin 1978, wasu ma tun kaka da kakanni. Gwamna bai ba su komai ba, ya same su a ciki ne. Sashe na 34 ya ce irin waɗannan, idan wurin yana cikin birni kuma an riga an gina shi, za su ci gaba da riƙe shi kamar dai gwamna ne ya ba su. Tambayar ita ce: wannan "kamar" ɗin ya isa ya jefa su ƙarƙashin sashe na 22?

Amsar tana cikin shari'ar da duk ɗalibin dokar ƙasa ya san sunanta. Ga yadda ake rubuta ta idan za a nemo:

Savannah Bank v. Ajilo (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305

Ga 'yan ajin farko da wannan layi yake ba tsoro: 1989 shekara ce, 1 kundi ne na farko na shekarar, NWLR rahoton shari'o'i ne na mako-mako wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa, 97 lambar fitowar ce, 305 kuma shafin da shari'ar ta fara. Da lambar fitowa da shafi kawai ma'aikacin laburare zai ɗauko maka.

Abin da ya faru shi ne, Ajilo yana da gida a Legas wanda ya mallaka kafin 1978. A 1980 ya jinginar da shi ga Bankin Savannah domin bashin da aka ba kamfaninsa. Ba a nemi izinin gwamna ba. Bashi bai biyu ba, banki ya tashi zai sayar da gidan, sai Ajilo ya riga shi zuwa kotu ya ce jinginar ɓatacciya ce tun da babu izini. Banki ya ce a'a, sashe na 22 yana magana ne a kan wanda gwamna ya ba da hannunsa, shi kuwa Ajilo da abinsa dokar ta same shi. Babbar Kotu ta ba Ajilo gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar. Mai Shari'a Obaseki ne ya rubuta babban hukuncin. Dalilinsu shi ne dokar ta zo ne domin ta sa ƙasa a ƙarƙashin tsari guda, ba zai yiwu a ce akwai masu riƙe da haƙƙi iri biyu a birni ɗaya, wasu suna neman izini wasu ba sa nema ba. Duk wanda aka ɗauka kamar an ba shi, hukuncinsa ɗaya da wanda aka ba.

Ku lura da abin da na yi a sakin layin nan, domin shi ne taƙaita shari'a. Na faɗi abin da ya faru, amma iya abin da hukuncin ya rataya a kansa: an mallaki gidan kafin 1978, an jinginar bayan 1978, babu izini. Adireshin gidan da yawan bashin ba su canja komai, don haka ba su da wuri. Na faɗi hujjar kowane ɓangare, na faɗi matakan da shari'ar ta bi, sannan hukunci da dalilinsa. Wannan dalilin shi ne rashiyo, wato ƙa'idar da ta ɗaure kotunan ƙasa. Sauran abin da alƙali ya faɗa a kan hanya, wanda ko babu shi hukuncin zai tsaya, shi ne obita. Ana iya kafa hujja da shi don jan hankali, amma ba ya ɗaure kowa. Hanya mai sauƙi ta bambance su: ka juya maganar, ka ce da alƙali ya faɗi akasinta, wanda ya ci shari'ar zai canja? Idan zai canja, rashiyo ce.

Rabin shafi ya ishi wannan aiki. Abin da yake kashe furojek da yawa shi ne ɗalibi ya kwafe taƙaitawar da ke saman rahoton, wadda editoci suka rubuta, ya ce kotu ce ta faɗa. Ba kotu ba ce. Ranar difens idan malami ya ce wane alƙali ne ya faɗi haka, a wane shafi, sai ido ya raina fata.

Yanzu ku tsaya ku dubi sakamakon. Mutum ya karɓi kuɗin banki, shi ne doka ta ɗora wa neman izini, bai nema ba, sannan ya dawo ya kafa hujja da rashin izinin ya tsira da gidansa. Ya daki mutum ya kuma riga shi kuka. Obaseki da kansa ya yarda cewa Ajilo ne ya fara yin ba daidai ba, amma ya ce kalmomin dokar a fili suke, ba su bar wurin da za a hana shi ba. Duk inda ka karanta hukunci ka ji ranka ya ce "wannan fa da sake", ka sa alama. A irin wurin ne take yake ɓoye.

Sai an samu izini kafin a rubuta komai?

Bayan hukuncin Ajilo bankuna sun shiga ruɗani, masu bashi kuma suka ga ƙofa ta buɗe. Sai aka fara jan gaɓa ta biyu, wato "ya fara nema ya kuma samu". Idan aka ɗauki kalmomin a yadda suke, duk takardar da aka sa wa hannu kafin izini ya fito ta mutu ke nan, ko da izinin ya zo daga baya.

Wannan ita ce hujjar da aka kawo a Awojugbagbe Light Industries v. Chinukwe, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1995. Kamfani ne a Ibadan ya ci bashin bankin raya masana'antu, aka rubuta takardar jingina aka sa hannu, izinin gwamna bai fito ba sai bayan shekaru. Da aka kasa biya, banki ya naɗa wanda zai karɓi kadarar, sai kamfanin ya ce ai an sa hannu kafin izini, don haka jinginar ɓatacciya ce. Kotu ta ƙi. Ta ce cinikin ƙasa mataki biyu ne. Akwai matakin yarjejeniya, inda aka daidaita aka rubuta, wannan ba ya bukatar izini domin haƙƙi bai bar hannun mai shi ba tukuna. Akwai kuma matakin miƙa haƙƙin, shi ne sai da izini. Takardar da aka sa wa hannu da sharaɗin sai gwamna ya amince tana nan a rataye, ba ta mutu ba, ba ta kuma fara aiki ba, ranar da izini ya zo ta cika.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda hujjar ta fito: daga cikin sashen kansa. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 22 ya ce gwamna yana iya neman a kawo masa takardar da aka riga aka sa wa hannu domin ya rubuta amincewarsa a jikinta. To, idan sa hannu kafin izini laifi ne, wace takarda za a kai masa? Yawancinmu muna karanta layin farko na sashe mu rufe littafi. A karanta har ƙasa, har da keɓance-keɓancen da ke biye, domin sau da yawa amsar tana can.

Wa ya sa hannu a kan izinin?

Gwamna ba zai zauna yana duba fayil ɗin kowane gida ba, shi ya sa sashe na 45 ya ba shi damar wakilta kwamishina. A Union Bank v. Ayodare, hukuncin 2007, an samu takardar izini, amma wani jami'in ma'aikatar filaye ne ya sa mata hannu, ba gwamna ba, ba kwamishina ba. Kotun Ƙoli ta ce wanda aka wakilta ba ya wakilta wani, saboda haka izinin bai inganta ba, jinginar ta faɗi. Wanda ya ci bashin ya sake cin riba.

A nan ne abin ya zama abin bincike, domin kafin wannan hukuncin kotuna sun riga sun nuna wata fuskar. Tun a 1989, a Adedeji v. National Bank, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce abin kunya ne mutum ya ci moriyar yarjejeniya sannan ya juyo ya ce ɓatacciya ce saboda abin da shi ne ya kamata ya yi. A 1996 kuma, a Ugochukwu v. Co-operative and Commerce Bank, Mai Shari'a Belgore na Kotun Ƙoli ya nuna cewa mai riƙe da haƙƙin shi ne mai neman izini, don haka ba daga bakinsa ya kamata a ji cewa izinin da ya samo bai inganta ba.

Kun ga layi biyu ke nan. Ɗaya yana cewa doka ta ce ɓatacce, to ɓatacce ne ko wa ya kawo ƙorafin. Ɗayan yana cewa ba za a bar mai laifi ya ci ribar laifinsa ba. Aikin ɗalibi ba jera su ba ne kamar kayan tireda. Sai ya auna su. Adedeji hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ne, komai daɗin maganarsa ba zai rinjayi na Kotun Ƙoli ba. Ayodare ya zo bayan Ugochukwu, kuma abin da aka saba shi ne idan hukunci biyu na Kotun Ƙoli suka ci karo, kotunan ƙasa suna bin na baya-bayan. Amma kafin ka ce sun ci karo, sai ka duba ko abin da ya faru iri ɗaya ne, ko an ma gabatar wa kotu hujjar hana mai laifi cin riba a kowace shari'ar, domin kotu ba ta yanke hukunci a kan abin da ba a kawo gabanta ba. Wannan aunawar ita ce babi na uku da na huɗu na furojek ɗinka.

Ni dai ra'ayina yana tare da layi na biyu. An sa sharaɗin izini ne domin gwamnati ta san hannun da ƙasa take ciki, ba domin a ba mai bashi hanyar gudu ba. Gwamna ma yana da nasa maganin, domin sashe na 28 ya lissafa fitar da haƙƙi ba bisa ƙa'ida ba cikin dalilan da za su sa a soke haƙƙin gaba ɗaya. Amma wanda zai kare layi na farko shi ma yana da abin faɗa: sashe na 26 bai keɓe kowa ba, kuma gyaran doka aikin majalisa ne, ba na alƙali ba. Kowanne ka ɗauka za ka ci maki, in dai ka kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta kafin ka amsa ta.

Mu gwada da misali irin na unguwarmu

A ce wani dattijo yana da gida a cikin birnin Kano tun shekarun 1960, ba shi da si-of-o. A 2020 ya sayar a kan naira miliyan 8. Aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, mai saye ya biya duka ya tare da iyalinsa. Bayan shekara huɗu gidaje suka yi tsada, sai dattijon ya aiko cewa a zo a karɓi kuɗi a ba shi gidansa, wai wani ya gaya masa cinikin da babu izinin gwamna ba ciniki ba ne.

Tambayar farko ba ta izini ba ce, ta wuri ce. Gidan yana cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni? Sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyanawa, kuma ana wallafa umarnin a gazet. Ba yawan gine-gine ko kwalta ke mayar da wuri birni a idon dokar ba, umarnin ne. Idan wurin yana waje kuma haƙƙin na gargajiya ne, to an bar sashe na 22 an koma na 21 da na 36, inda ƙaramar hukuma take da ta cewa. A misalinmu mun ce cikin birni ne, sai mu wuce.

Mai saye zai so ya ce ai gidan ba shi da si-of-o, don haka babu ruwan gwamna. Ajilo ya rufe wannan ƙofar. Zai kuma so ya nuna hatimin mai unguwa. Hatimin yana da amfani, shaida ce mai ƙarfi cewa an yi cinikin an kuma biya, amma ba izini ba ne, domin dokar ba ta ba mai unguwa ko dagaci wannan ikon ba.

Inda ƙarfinsa yake shi ne Awojugbagbe. Sai a ɗauko takardar a karanta kalmominta. Idan yarjejeniyar sayarwa ce, musamman in an rubuta cewa za a nemi izini a kammala, to tana mataki na farko, ba ta ɓaci ba. Mai saye ya biya kuma yana cikin gidan, yana da haƙƙin da kotu take karewa ta fuskar adalci, kuma yana iya roƙon kotu ta tilasta wa dattijon ya nemi izinin ya kammala. Idan kuwa an rubuta ta a matsayin takardar da ta miƙa haƙƙin nan take, babu wani sharaɗi, to lauyan dattijo zai ɗaga sashe na 26 da Ajilo, lauyan mai saye ya ɗaga Ugochukwu ya ce mai sayarwa ne doka ta ɗora wa neman izini. Kun ga layi ɗaya a cikin takarda yana iya sauya inda shari'a za ta dosa.

Sai kuma kotun da za a je. Sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar ƙasar da take ƙarƙashin haƙƙin da gwamna ya bayar ko aka ɗauka ya bayar. Wanda ya kai irin wannan ƙara ƙaramar kotu yana iya yin shekaru yana shari'a, a ƙarshe a rushe komai a sama saboda rashin hurumi.

To, ina taken?

Ga shi ya fito. Maimakon "Nazari a kan Dokar Amfani da Ƙasa", sai ka rubuta tambaya: shin mai jingina ko mai sayarwa zai iya kafa hujja da rashin izinin da shi ne ya kamata ya nema? Ka iyakance ta da sashe na 22 da na 26, da hukunce-hukunce daga 1989 zuwa 2007, sannan ka nemo na bayansu ka ga wane layi aka bi. Wannan neman na bayan wajibi ne. Kafin ka jingina da kowace shari'a, ka duba ko wani hukunci ya zo ya soke ta ko ya taƙaita ta. Littafin darasi da aka buga shekara goma sha biyar da suka wuce ba zai gaya maka ba.

Shari'a biyar ko shida da ka karanta daga farko har ƙarshe sun fi talatin da ka tsinto sunayensu a handawut. Ana gane na tsintuwa da wuri: suna da shekara kawai, babu abin da ya faru, kuma duk jimlolin suna farawa da "kotu ta ce".

Mai son ya fita fili kuma yana iya juya tambayar: me ya sa mutane suke tsayawa a takardar mai unguwa ba sa neman izini? A nan sai ka je hukumar filaye ta jiharka, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ka samo matakan da kuɗaɗen da ake biya a hukumance, da ranar da ka samo su, domin suna canjawa. Sannan ka zauna da dillalai da lauyoyi da masu unguwa. Amma ka faɗi adadin waɗanda ka tambaya. Mutum goma sha biyu ba su ne "jama'ar Kano" ba.

Haka ake yi wa haya da haƙƙin mai saye, sai dai akwai tarko guda a haya da ya kamata a sani. Dokar haya ta jiha ce. Yawancin abin da za ka gani a intanet a kan wa'adin tashi daga gida yana magana ne a kan dokar haya ta Legas ta 2011, wadda ba ta aiki a Kano ko Sakkwato ko Bauchi. Ka fara da dokar jiharka, in ya so ka kwatanta ta da ta Legas. Haƙƙin mai saye kuwa yana da dokar tarayya ta 2018, kuma rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ya isa take guda idan aka aza shi a kan tanadinta na mayar da kaya masu aibi.

Akwai kuma wani da nake ganin ya fi dacewa da 'yan ajin da suke haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci. Sashe na 24 na wannan doka ya ce idan mai haƙƙin da gwamna ya bayar ya rasu, ba a raba haƙƙin gida biyu ko fiye sai da izinin gwamna. Mu kuwa kullum ana rabon gado, a ja katanga a tsakiyar gida, wannan ya ɗauki ɗaki biyu da zaure, waccan ta ɗauki ɗaki ɗaya, alƙali ya ba kowa takardarsa. Mene ne matsayin wannan takarda idan magaji ya tashi sayar da kasonsa, ko ya kai ta banki? Wanda zai ɗauka sai ya haɗa sashe na 24 da na 39, da sashe na 277 na Tsarin Mulki wanda ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado, sannan ya nemi izinin rajistara ya duba fayil ɗin rabon gado ko da guda biyar ne, ya cire sunayen mutane kafin ya sa su a babi na huɗu.